Fedojin fiyano uku, da yadda ake taka ta dama sauti bai cakuɗe ba

Tambaya: Malam, barka da aiki. Shekarata biyu ina koyon fiyano a kan kibod a gida, kwanan nan kuma na samu damar taɓa fiyanon katako na tsaye mai feda uku. Ta dama kawai na sani, ita ma in na taka ta sai kiɗan ya dagule, kamar ana magana cikin rijiya. Mene ne aikin kowace feda, kuma yaya zan riƙa taka ta dama ba tare da kod ɗin sun hau kan juna ba?

Yauwa ƙanena, barka kadai. Idan za ka sake zuwa wurin fiyanon nan, kafin ka buga komai ka nemi izini ka ɗaga murfin sama ka leƙa ciki, ka haska da fitilar wayarka. Za ka ga tsirkiyoyin ƙarfe a jere, da 'yan gudumomi masu kan ulu a gabansu. A jikin tsirkiyoyin kuma akwai wasu ƙananan matasai na ulu da ke manne da su. Waɗannan su ake kira damfa, kuma duk abin da zan faɗa maka a kansu ya rataya. Danna maɗanni guda a hankali kana kallo. Guduma za ta doki tsirkiya ta koma, damfar wannan maɗannin kuma za ta janye daga jikin tsirkiyar, ta tsaya a janye muddin yatsanka na ƙasa. Kana ɗaga yatsa sai ta dawo ta dafe tsirkiyar, sauti ya mutu. Daidai yake da yadda mai garaya ke ɗora tafin hannunsa a kan tsirkiya idan yana son ta yi shiru.

To sai ka taka fedar dama kana ci gaba da kallo. Damfofin gaba ɗaya za su janye lokaci guda, daga wannan gefe har wancan. Aikinta ke nan, ba ta da wani. Amma abu biyu ne ke biyo baya. Na farko shi ne wanda ka sani, sautin da ka buga ba ya mutuwa idan ka ɗaga yatsa. Na biyu shi ne wanda masu koyo a kibod ba su cika lura da shi ba: tun da babu abin da ke riƙe da sauran tsirkiyoyin, duk wadda ke da dangantaka da sautin da ka buga za ta fara rawa da kanta ba tare da guduma ta taɓa ta ba. Ka gwada. Taka fedar, ka sunkuya ka yi "aaa" da ƙarfi cikin fiyanon, ka yi shiru. Za ka ji muryarka na dawowa daga tsirkiyoyin. Wannan amsa-kuwwar ce ke sa sautin fiyano ya cika ya yi ɗumi idan an taka feda, kuma ita ce ke sa kuskure ya fi fitowa fili a fiyanon katako fiye da kibod ɗinka na gida. Wani abu da za ka gani a ciki kada ya ba ka tsoro: maɗannai kimanin 18 zuwa 20 na can ƙarshen dama, cikin 88 ɗin, ba su da damfa ko kaɗan. Haka ake ƙera su, domin tsirkiyoyinsu gajeru ne, sautinsu na mutuwa da wuri da kansa.

Bari in sallami sauran biyun da sauri, don ta daman ce ke buƙatar zama.

Ta hagu ita ce ta sassauta sauti, amma yadda take yi ya danganta da irin fiyanon. A babban fiyano mai kwance, wanda ake kira giran, idan ka taka ta za ka ga maɗannan gaba ɗaya sun gusa dama kaɗan da idonka. Yawancin sautuka tsirkiya uku-uku gare su, to gusawar nan na sa guduma ta doki biyu ta bar ɗaya, kuma ta doke su da wani sashe na ulunta da bai taurara da yawan bugu ba. Saboda haka launin sautin ne ke canzawa, ya yi laushi kamar an lulluɓe shi da mayafi, ba ƙarfinsa kaɗai ke raguwa ba. Sunanta na Italiyanci, una korda, ma'anarsa tsirkiya ɗaya, gado ne daga fiyanon farko-farko. Bartolomeo Cristofori, wanda ya ƙirƙiro fiyano a birnin Florence wajen shekarar 1700, fiyanonsa tsirkiya biyu-biyu gare su, in aka gusa sai guduma ta doki ɗaya tak. A fiyanon tsaye irin wanda ka samu kuwa babu gusawa. Fedar na matso da gudumomin kusa da tsirkiya ne kawai, tazarar da za su yi gudu ta ragu, bugun ya yi rauni. Launin sauti ba ya canzawa sosai, kuma za ka ji maɗannan sun ɗan yi sako-sako a ƙarƙashin yatsa. Shawarata a kanta guda ce: ka fara koyon buga sauti mai taushi da yatsunka. Wanda ya saba fakewa da fedar hagu duk lokacin da aka ce ya sassauta, hannunsa ba ya koyon sassauci.

Ta tsakiya ita ce mai rikita mutane, domin aikinta ba ɗaya ba ne a kowane fiyano. A giran sunanta sostenuto. Tana kama damfofin da suke a ɗage a daidai lokacin da ka taka ta, su kaɗai, ta bar sauran suna aikinsu. Wato ka danna bes mai zurfi, yatsanka na kai ka taka ta da ƙafar hagu, sannan ka ɗauke hannu. Bes ɗin zai ci gaba da amo, duk abin da ka buga bayansa kuma zai fito a bushe, a rarrabe. Kamfanin Boisselot na Marseille ne ya nuna irinta a 1844, Steinway kuma ya yi rajistar tasa a 1874. A mafi yawan fiyanon tsaye ba haka take ba. Fedar atisaye ce: tana sauko da wani dogon ƙyallen ulu tsakanin gudumomi da tsirkiyoyi, sauti ya dushe ƙwarai yadda za ka yi aiki da dare ba ka tashi mutanen gida ba, kuma galibi in ka taka ka tura ta hagu sai ta maƙale a ƙasa. A wasu fiyanon kuma damfofin ɓangaren bes kawai take ɗagawa. Tun da murfin na buɗe, taka ta ka kalla. In ƙyalle ya sauko, ka san irin taka.

Yanzu ga ainihin matsalarka. Kusan duk ɗalibin da ya zo mini da wannan koke, abu ɗaya nake gani idan na kalli ƙafarsa: tana sauka tare da hannu. Hannu ya sauka, ƙafa ta sauka, kamar mai taka rawa yana bin ganga. Jiki haka yake so, shi ya sa kowa ke farawa da haka. Amma duba abin da ke faruwa a ciki. Idan ƙafa da hannu suka sauka tare, to dole ƙafar ta tashi kafin nan. In ta tashi da wuri, sauti ya yanke, a ji rami tsakanin kod da kod, wato tsakanin rukunin sautukan da ka buga tare da rukunin da ke biye. Don gudun ramin sai ɗalibi ya riƙa yin tashin a gaggauce, ko ya ɗaga rabi kawai, damfa ba ta samu ta zauna a kan tsirkiya ba, tsohon kod ya tsallako cikin sabo. Wannan ita ce rijiyar da kake ji.

Gyaran shi ne a juya tsarin. Lokacin da hannu ke sauka a kan sabon kod, ƙafa tashi take yi. Sai bayan sabon kod ya fito, kunnenka ya tabbatar tsohon ya mutu, sannan ƙafa ta koma ƙasa, yatsu kuma na nan riƙe da maɗannan har ta kama. Dalilin da ya sa wannan ke aiki mai sauƙi ne. Maɗannan da ka danna yanzu, yatsunka ne ke riƙe da damfofinsu a sama, don haka ɗaga ƙafa ba zai kashe su ba. Abin da zai mutu shi ne duk sautin da babu yatsa a kansa, wato tsohon kod. Ka ga ke nan babu rami, domin tsohon sauti na nan har sabon ya shigo, kuma babu cakuɗa, domin yana shigowa aka share na baya.

Kafin ka gwada, gyara zama. Diddige a ƙasa, ba ya tashi. Tudun ƙafa da ke bayan babban yatsa shi ke kan fedar, kuma ba ya rabuwa da ita ko da ta tashi. Motsin daga idon sawu yake fitowa, gwiwa ba ta tsalle. In ƙafa na barin fedar ta dawo ta mare ta, za ka ji ƙwas-ƙwas na takalmi da kuma wani gum daga cikin fiyanon lokacin da damfofi suka faɗo gaba ɗaya. Silifas mai santsi ba ya taimakawa a nan. Takalmi mai siririn tafi da ya kama ƙafa ya fi, domin kana buƙatar ka ji nauyin fedar.

Atisayen da nake fara bai wa kowa da yatsa ɗaya ake yin sa. Ɗauki manuniyar hannun dama kawai, ka buga C, D, E, F, G a tsakiyar fiyano, kowane sauti ƙirge huɗu, a hankali sosai. A kan ɗaya, yatsa ya danna, ƙafa ta tashi. A kan biyu, ƙafa ta sauka. A kan uku, ɗauke yatsan gaba ɗaya, ka ɗora hannun a cinyarka ma in ka so. A kan huɗu, kai yatsan saman maɗanni na gaba ka jira. Sai kuma ɗaya. Na zaɓi yatsa ɗaya ne don ba shi da yadda zai haɗa sauti biyu da kansa, duk haɗin da ka ji ƙafa ce ta yi shi. Na zaɓi sautuka maƙwabta kuma don ba sa jituwa da juna, in C ya tsallako cikin D ko kaɗan ne kunne zai kama. Abin da kake nema shi ne sauti ya tafi kamar zare ɗaya, babu yankewa, kuma a kowane lokaci sauti ɗaya tak ake ji. In ka ji shiru kafin sabon sauti, ƙafa ta tashi kafin yatsa ya danna. In ka ji biyu suna gogar juna na ɗan lokaci sannan ya washe, ta makara. In gogar ba ta washe ba har ƙarshen ƙirgen, ko dai ba ta tashi har sama ba ko ta koma ƙasa da gaggawa. Ka ba wannan minti biyar kullum na mako guda. Idan ya zauna, rage ƙirgen zuwa biyu, sannan ka maimaita shi can ƙasa a ɓangaren bes, inda za ka tarar dole ƙafa ta ɗan daɗe a sama fiye da da.

Wannan daɗewar tana da dalili. Tsirkiyoyin bes dogaye ne, masu kauri, an naɗe su da tagulla, kuma idan suka ɗauki rawa ba sa tsayawa nan take don damfa ta taɓa su. Suna buƙatar ɗan lokaci a dafe. In ka yi saurin mayar da ƙafa, ka sake sakin tsirkiyar da ba ta gama mutuwa ba, sai ta ci gaba da gurnani a ƙarƙashin sabon kod. Ga kuma wani abu na kunne: sautuka biyu da ke da daɗi tare a tsakiya suna iya yin ƙazanta a ƙasa. Buga C da E tare a tsakiyar fiyano, sannan ka buga su tare oktef biyu ƙasa da nan, wato a kan C na biyu da za ka tarar in ka yi hagu, ka ji bambanci. A tsakiyar, bambancin yawan rawar tsirkiyoyinsu ya kai kusan 68 a daƙiƙa, a ƙasan kuwa kusan 17 ne kawai, kuma idan tazara ta matse haka kunne ba ya iya raba su, sai ya ji kamar kurman ruri. Saboda haka mafi yawan dagulewar da ake ɗora wa feda daga hannun hagu take tasowa. Ka buɗe hannun hagunka: bes, sai na biyar ɗinsa ko oktef, ka bar na ukun ya hau sama. Wato in bes C ne, sai G ko C na sama, E kuma ya hau sama.

Mu ɗauki zagayen da na tabbata ka sani, C, Am, F, G, kowane kod ƙirge huɗu, mitironom a kan 60, wato ƙirge ɗaya a daƙiƙa. Hannun dama na riƙe kod a tsakiya, hannun hagu na warware shi ɗaya bayan ɗaya, sauti biyu a kowane ƙirge: a kod ɗin C, sai ya buga C na ƙasa da ƙaramin yatsa, sannan G, sannan C na sama, ya ci gaba.

A kod na farko babu abin sharewa, don haka kana iya taka fedar tun kafin ka buga, sautin zai buɗe da faɗi. Wajen shiga Am ne jarrabawa ta farko take. C na da C, E, G, shi kuma Am na da A, C, E. Sauti biyu suka haɗa, don haka in ba ka canza feda ba hannun dama ba zai yi muni ba, har ma ya yi zaƙi, shi ya sa da yawa ke wucewa a nan ba su ɗaga ƙafa ba. Saurari ƙasa. In A ɗin da ka buga yana sama da tsohon C, to C ne har yanzu mafi zurfin sauti a ɗakin, kuma kunnen mai sauraro daga mafi zurfin sauti yake gane kod. Wato a wurinsa kod bai canza ba, ka yi Am a hannu amma ba a ji shi ba. In kuma A ɗin na ƙasa da C ne, sun matsu a wurin da na ce maka kunne ba ya raba su. Ko ta ina, sai an canza. Ka riƙe wannan: duk lokacin da bes ya motsa zuwa sabon kod, ƙafa na tashi, ko da saman bai nuna buƙata ba.

A nan ne kuma za ka haɗu da kuskuren da ya fi wahalar ganewa. Hannun hagu na da rabin daƙiƙa kacal a kan A na ƙasa kafin ya tafi E. Cikin rabin daƙiƙar nan dole ƙafa ta tashi, tsohon kod ya mutu, ta koma ta kama A ɗin. In ƙaramin yatsanka ya saki A kafin ƙafa ta dawo, bes ya tafi, sauran ƙirge ukun da rabi za su tsaya babu gindi, kiɗan ya yi fayau. Na taɓa zama da wata ɗaliba da ta yi makonni tana fama da wannan, tana cewa fiyanon ne ba shi da bes. Na durƙusa gefenta na dafe ƙaramin yatsanta a kan maɗannin da nawa yatsan, na ce kada ta damu da ƙirge, ta jira sai ta ji fedar ta kai ƙasa sannan in sake ta. Karo na uku ta ɗago kai ta dube ni, domin a karon farko ta ji A ɗin na ɗauke da kod ɗin har ƙarshe. Maganin ke nan: ƙaramin yatsa ya ɗan yi nauyin tashi, ya jira ƙafa. In tazarar ta fi ƙarfin hannunka, rage gudun kiɗan har lokacin ya isa, sannan ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Daga Am zuwa F, abokin gaba shi ne E. Yana manne da F, babu maɗanni tsakaninsu, kuma in ya tsallako zai yi ta gogar sabon kod. Lura da kyau a nan, domin wani lokaci ƙafa ta yi aikinta daidai amma E ɗin na nan. In haka ta faru, dubi hannunka. Akwai yatsan da bai tashi daga E ba lokacin da ƙafa ke sama, damfarsa ba ta sauka ba, da fedar ta dawo sai ta kama shi tare da sabon kod. Feda ba ta iya share abin da yatsa ke riƙe da shi. Babban yatsa ne ya fi yin wannan laifin, saboda yana son kwanciya a kan maɗanni.

Daga F zuwa G babu sauti ko ɗaya da suka haɗa. F, A, C a kan G, B, D, in suka taru ka samu fararen maɗannai shida a jere suna kuka tare, kamar ka kwantar da hannunka a kansu. Wannan canjin ne ya kamata ka ware ka maimaita shi kaɗai, F zuwa G, F zuwa G, kana tsayawa bayan kowane G ka ɗauke hannu biyu, ƙafa na ƙasa, ka saurari abin da ya rage a iska. In G, B, D kaɗai ka ji, canjin ya yi. Daga G komawa C kuma, B ne zai ɓata maka. Duk daɗin dawowa gida a kiɗa yana cikin yadda B ke hawa ya zama C. In B na nan yana amo bayan C ya iso, an kashe wannan daɗin. A nan nakan bar ƙafata a sama ta ɗan fi daɗewa fiye da sauran wuraren.

Akwai wurin da bes bai motsa ba amma duk da haka sai ka canza. Masu kiɗan coci da na situdiyo na yawan riƙe G a ƙasa, hannun dama ya buga C, D, G, sannan C ɗin ya sauko B. In ƙafa na ƙasa tun farko, C da B za su haɗu, saukowar da ake jira ba za a ji ta ba. Sai ka riƙe G na bes da yatsa, ka canza feda daidai kan B. Yatsa ya tsare bes, ƙafa ta share saman. A giran, in hannun hagu na da wani aikin, nan ne fedar tsakiya ke da amfani.

Idan ka ɗora karin waƙa a kai, tambaya ta gaba za ta taso: ga kod ɗaya na ƙirge huɗu, amma karin na tafiya E, D, C, kuma D ba ɗan gidan ba ne. Sai a canza a kan kowane sauti? Ba dole ba. Ya danganta da inda karin yake da kuma gudunsa. In yana can sama, kuma bes na ƙasa da ƙarfinsa, sautukan wucewa na narkewa cikin kod ɗin ba su dame shi ba, musamman in ka buga su da sauƙi fiye da sautukan kod. In karin ya sauko tsakiya ko ƙasa, kuma a hankali yake tafiya, za su taru su yi hazo. Nan kana da zaɓi biyu: ka canza feda sau biyu a kod, a kan ɗaya da uku, hannun hagu na riƙe da abin da zai iya, ko ka yi amfani da rabin feda. In kuwa gudu ne mai sauri na sautuka maƙwabta, sau da yawa gara ka ɗauke ƙafar gaba ɗaya ka bar yatsu su haɗa.

Rabin feda ba wani sihiri ba ne. Tafiyar fedar kashi uku ce. Da farko akwai ɗan sako-sako inda ba abin da ke motsi. Sai wani ɗan siririn wuri inda damfofi suka fara sakin tsirkiya amma suna shafarta. Daga nan zuwa ƙasa duk a sake suke. Don ka gano wurin a fiyanonka, taka har ƙasa, buga bes mai zurfi da kod a sama da ƙarfi, ɗauke hannu, sannan ka riƙa ɗago ƙafa a hankali kamar mai sakin kulocin mota. Za ka iso inda sautin saman ya fara dushewa amma bes na nan. Wurin ke nan. Damfa na shafar siraran tsirkiyoyi ta kashe su, masu kaurin kuma suna da ƙarfin da za su tsira. Idan ƙafarka ta san wannan wuri, za ka iya ɗan ɗagowa ka taɓa shi ka koma, hazon karin waƙa ya ragu, bes bai tafi ba. Kuma za ka gane ba sai ka riƙa nitsar da fedar har katako ba, aikin duk a kusa da wannan wurin yake. Kowane fiyano da inda nasa yake, shi ya sa nake gwada shi kafin in fara kiɗa a fiyanon da ban sani ba.

In kana karanta takardar kiɗa, za ka ga Ped. inda ake takawa da tauraro inda ake saki, ko dogon layi a ƙasa mai 'yan tsini, kowane tsini canji ne irin wanda na bayyana. Ka bi su, amma kunnenka na sama da su, musamman a tsofaffin ayyuka. Fiyanon Vienna na zamanin Mozart da gwiwa ake ɗaga damfofinsu, kuma sautin fiyanon wancan lokaci na mutuwa da wuri fiye da na yau. Beethoven ya rubuta a farkon sonatarsa ta 1801, wadda aka fi sani da ta hasken wata, cewa a buga sashen farko duka ba tare da damfa ba. A fiyanon yau in ka bi wannan kai tsaye ka dafe feda daga farko har ƙarshe, dagulewa za ka samu, shi ya sa mafi yawan makaɗa ke canzawa tare da kod. Ɗaki ma na da nasa hukuncin. Zaure mai siminti ko tayil da rufin kwano yana riƙe sauti da kansa, fedar da ta yi daidai a ɗakinka mai labule da kafet za ta yi yawa a can. Ajiye wayarka a ƙarshen zauren ta ɗauki kiɗanka, ka saurara daga baya. Mai kiɗa na jin abin da yake nufin bugawa, wayar kuwa abin da ya fito take ɗauka.

Game da kibod ɗinka na gida, tun da a kansa za ka fi yin atisaye. Ƙaramar fedar nan mai kama da akwatin ashana makunni ce kawai, ko a kunne ko a kashe, ba ta san rabi ba. Canjin da na koya maka za ka iya koyonsa da ita sarai, amma rabin feda sai da feda mai gane zurfin taku da kuma kibod da ke karɓar hakan. Kashe REVERB, wato amsa-kuwwar da kibod ke ƙara wa sauti, ko ka rage shi sosai lokacin atisaye, domin yana ɓoye rami kuma yana ƙara hazo, ba za ka san wanne ne naka ba. Zaɓi muryar fiyano zalla. Muryoyin goge da na ogan ba sa dushewa muddin feda na ƙasa, don haka in ka haɗa su da fiyano duk ƙaramin kuskure zai tsaya da ƙarfinsa. In ka ga feda na aiki a juye, sauti na tsayawa in ka saki yana mutuwa in ka taka, ba lalacewa ta yi ba. Kamfanoni sun bambanta a yadda suke haɗa wayar ciki. Kashe kibod, ka tabbata fedar na cikin ramin SUSTAIN, ka kunna ba tare da ƙafarka na kanta ba. In bai gyaru ba, duba gefenta ko ƙasanta, da yawa na da ɗan makunnin juyawa. In kuma tana gudu a kan tayil, sa mata guntun kafet ko roba a ƙasa, don ƙafar da ke farautar feda ba za ta iya kiyaye lokaci ba.

A fiyanon katakon kuma, in ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya, hannu ba ya kan komai, amma wani sauti a tsakiya ko a bes ya ci gaba da amo, wannan ba laifinka ba ne. Ko dai damfar wannan sautin ta taurare ko ta karkace ba ta zama daidai, ko kuma an ɗaure sandar fedar da yawa har babu ɗan sako-sakon nan na farko, damfofin duka ba sa sauka sosai. Taɓa fedar da hannu ka gani: ya kamata ta ɗan motsa kaɗan kafin ka ji nauyi. In tun daga sama take da nauyi, ka gaya wa masu fiyanon su kira mai gyara, aikin 'yan mintuna ne a bayan allon ƙasa.